Furojet ɗina na teburin sin: yadda aikin ke tahiya

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025, Gusau

To yau dai Malam ya sa hannu a kan tofik ɗina, Alhamdulillah. Abin da zan yi shi ne in sake gina shafin sin na fo figa tebur, wanga dai da kowa ya riƙe a sakandare, daga 0° zuwa 90°, ana ƙara 0.1° (minti 6 ke nan, kamar yadda layukan littafin suke), wato gida 901, amma da sharaɗin kowane gida in iya kawo hujjar cewa lambobi huɗun da na rubuta bayan ɗigo daidai suke ba wai kalkuleta ce ta ce mani ba.

Kayan aikin jerin Taylor ne a kusa da sifili, x a radiyan:

sin x = x − x³/6 + x⁵/120 − x⁷/5040 + …

Jerin ba ya ƙarewa, dole mutum ya tsaya wani wuri, abin da anka bari a baya shi ne ragowa, kuma duk furojet ɗin a kan ragowar nan yake. Ni dai na so in tsaya a x⁵, bari in kira shi P(x) = x − x³/6 + x⁵/120. Na ce ma Malam ai zan gwada gidajen duka da kalkuleta in nuna sun dace, sai ya ce "to ɗana ita kalkuletar wa ya gwada ta?" Ya ce gwaji shina nuna maka inda ka duba ne kawai, shi yana son magana guda da za ta rufe kowane x a lokaci ɗaya. Shi ke nan na tattara takarduna.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kwanakin nan a kan ragowar Lagrange nike. Taylor ya fitar da jerin tun 1715 amma bai ce komi ba game da girman abin da aka yanke, sai Lagrange a littafinsa na 1797 ya ba da siffar da muke amfani da ita yanzu: in ka tsaya a xⁿ, akwai wani c tsakanin 0 da x wanda

Rₙ(x) = f⁽ⁿ⁺¹⁾(c) · xⁿ⁺¹ / (n+1)!

Ba wanda zai gaya maka ko nawa ne c, kuma ba ka buƙata, abin da kake buƙata shi ne mafi girman abin da dirabatif na n+1 zai iya kaiwa a cikin tazarar. A wajen sin kuwa abin sauƙi ne don dirabatif ɗinsa zagaye kawai suke yi, cos, −sin, −cos, sin, a sake komawa, ba wanda ke wuce 1 a girma.

Hujjar tiyoram ɗin ma na rubuta ta don Malam ya ce kada in kwaso ta haka nan. Ana kafe x a bar t ya yi yawo, a gina g(t) da f(x) a cire masa folinomiyal ɗin Taylor da anka kafa a t, a ƙara cire K(x−t)ⁿ⁺¹, a zaɓi K yadda g(0) zai zama sifili, shi g(x) dama sifili ne, sai tiyoram ɗin Rolle ya ba ka c inda g′(c) = 0. Daɗin abin shi ne in ka ɗauki dirabatif ɗin g duk sassan tsakiya cinye juna suke yi bibbiyu, guda ɗaya ke saura, daga nan K ya fito.

Ga wani abu da ya kamata duk mai irin wanga aiki ya lura da shi. In ka ce P ya tsaya a n = 5 sai iyakar ta zama x⁶/720. Amma a jerin sin babu x⁶ sam, lambar da ke gabansa sifili ce, don haka P ɗin nan shi ne kuma folinomiyal na n = 6 ba tare da ka ƙara komi ba, kana da damar amfani da R₆, wato x⁷/5040. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ɗaya ta fi ɗaya matsewa sosai. A 90°, x = 1.5708, ta farko ta ba da 0.0209 ta biyu 0.00468. Ainihin P(1.5708) kuwa 1.004525 ne, kuskuren 0.004525, ka ga ta biyun ta kusa taɓa shi.

Amma fa kalli amsar kanta, sin ya fi 1! Wato x⁵ ba zai kai ni 90° ba ko kusa. In na ƙara x⁷ iyakar ta koma x⁹/362880 = 0.00016, har yanzu ya yi ma gurbi huɗu yawa, sai an kai x⁹ kafin ta sauko 0.0000036.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Maimakon in ta ƙara sassa, gara in rage x. Tunda iyakar da x⁷ take tafiya, in ka raba x biyu ba rabi kuskuren zai koma ba, kashi ɗaya cikin 2⁷ = 128 zai koma. Daga 0° zuwa 45° a yi P, daga 45° zuwa sama a juya a ce sin d° = cos(90° − d°) a yi jerin cos, ka ga ba inda lambar da ke shiga jerin za ta wuce π/4 = 0.785398.

A 45° x⁷/5040 = 0.0000366. Ya shiga ƙasa da 0.00005, rabin gurbi na huɗu ke nan, abin da nike nema.

Ɓangaren cos kuma, inda y shi ne 90° − d° a radiyan, 1 − y²/2 + y⁴/24 bai isa ba, iyakarsa y⁶/720 = 0.000326, dole a ƙara sashe guda:

Q(y) = 1 − y²/2 + y⁴/24 − y⁶/720

da iyaka y⁸/40320, wanda a 45° ya ba da 0.0000036.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na kai ma Malam, ya karanta ya ce lissafin iyakar ba matsala, sannan ya tambaye ni kuskuren ta wane gefe yake, sama ko ƙasa. Tambaya ce mai kyau don alamar tana nan cikin fomular, ɗaukar girma kawai da muke yi shi ke ɓatar da ita. Dirabatif na bakwai na sin shi ne −cos, don haka

sin x − P(x) = −cos(c) · x⁷/5040

kuma c na tsakanin 0 da x, ƙasa da π/2, cos c ba zai zama ƙasa da sifili ba kuma ba zai wuce 1 ba. Ke nan kullum P sama da gaskiya yake, bai taɓa faɗowa ƙasa. A wajen cos dirabatif na takwas cos ne da kansa, ragowar +cos(c)·y⁸/40320, ke nan Q kullum ƙasa da gaskiya yake. Sai na samu abin da ya fi "da ƙari ko ragi", na samu tazara mai gefe biyu:

P − x⁷/5040 ≤ sin x ≤ P

Q ≤ cos y ≤ Q + y⁸/40320

Faɗin wagga tazara rabin na wadda za ka samu ne in ka yi watsi da alama.

Akwai hanya ta biyu da ke kai mutum wuri guda, ta Leibniz, ta jerin da alamarsa ke canzawa ƙari, ragi, ƙari, ragi. In sassan na raguwa har zuwa sifili to kuskuren bai wuce sashe na farko da ka bari ba, kuma alamarsa ce ke gare shi. Mutane na son ta don ba ruwanta da dirabatif, amma suna tsallake sharaɗin raguwar. A nan dole a nuna: in ka raba sashen x⁹ da na x⁷ za ka samu x²/72, na gaba x²/110, haka dai ƙasan ke ta girma, to muddin x² bai kai 72 ba lafiya lau, mu kuwa namu x² bai kai 1 ba ma. Ita wagga hanya har ta ƙara matse min abin, a 45° kuskuren na tsakanin x⁷/5040 − x⁹/362880 da x⁷/5040, wato 0.00003626 da 0.00003658.

Sai dai hanyar Leibniz tazarar da ke tsakanin P da jimillar jerin take aunawa, ba ta ce jimillar ita ce sin x ba. Wannan sai Lagrange, shi ke nuna ragowar na tahiya sifili tunda faktoriyal ya fi kowane xⁿ gudu. Na ɗauka wannan tsantseni ne kawai irin na malaman lissafi sai da Malam ya turo ni ga misalin Cauchy na 1823, f(x) = e^(−1/x²) da f(0) = 0. Duk dirabatif ɗinsa a sifili sifili ne, jerin Taylor ɗinsa 0 + 0 + 0 har abada, ya taru tsaf ba gardama, amma f(1) = 0.368. Jerin ya taru a wani wuri, fankshan ɗin na wani wuri daban, ragowar ita ce fankshan ɗin gaba ɗaya. Zan sa shi a babi na biyu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yau ce ranar da furojet ɗin ya canza kama. Ina cika gidajen cikakkun digiri da hannu daga 45° ina saukowa, 45° ya ba da 0.7071, 44° 0.6947, 43° 0.6820, duk sun dace da littafin ƙanena da na aro, sai 42°.

x = 42π/180 = 0.7330383
x³/6 = 0.0656491
x⁵/120 = 0.0017638
P = 0.6691530

In ka yi rawundin zuwa gurbi huɗu 0.6692 ke nan. Littafi ya ce 0.6691, kuma littafin ke da gaskiya.

Tiyoram bai yi ƙarya ba fa. Iyakar a nan x⁷/5040 = 0.0000226, ƙasa da 0.00005 nesa ba kusa ba. Abin da ya faru shi ne tazarar ta tashi daga 0.6691304 zuwa 0.6691530, shi kuwa layin rabo, wanda ke raba masu komawa 0.6691 da masu komawa 0.6692, yana 0.66915, a cikin tazarar yake zaune. Gaskiyar na gefe ɗaya P ya tsallaka ɗaya gefen. Wato maganar da ake yawan yi cewa "kuskure ƙasa da 0.00005 na nufin gurbi huɗu daidai" ba ta cika ba, abin da take ba ka shi ne kafin rawundin kana kusa, bayan rawundin lambar ƙarshe na iya kaucewa da ɗaya. Kamar gona ce da ke bakin iyakar ƙauye biyu, ko da awonka bai kauce da taku ɗaya ba in iyakar ta bi ta cikin takun nan ba ka san hakimin da za ka kai ma ba.

Don haka ma'aunin ya canza. Ba zan ƙara cewa iyaka guda ta wanke tebur duka ba. Kowane gida zan fitar da gefen ƙasa da gefen sama, in yi ma kowanne rawundin, in sun ba da lamba ɗaya gidan ya tabbata, in sun saɓa gidan bai tabbata ba sai an ƙara sashe. Iyakar Lagrange ɗin dai ita ce ke aikin har yanzu, wurin da ake tambayarta ne ya sauya.

42° ɗin na bi da shi ta cos, y = 48° = 0.8377580, Q = 0.6691246, iyaka 0.0000060, tazara daga 0.6691246 zuwa 0.6691307, duka biyun 0.6691. Ya tabbata.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Abin 42° ya sa na koma na kalli wurin da na raba aikin. Mi ya sa ma sai 45°? Don dai shi ne tsakiya, ba wani dalili ba. A 45° iyakar P 0.0000366 ce ta Q kuma 0.0000036, ɗaya ta ninka ɗaya sau goma, ke nan Q na da sauran ƙarfi da ba a mora ba, P kuma an kai shi inda ya fara gajiya. Wurin rabo mafi kyau shi ne inda iyakokin biyu sunka yi daidai, x⁷/5040 = (π/2 − x)⁸/40320. Ban tsaya warware shi ba, lalube na yi, 38° ya faɗo kusan daidai: a nan x = 0.663225, iyakar P 0.0000112, y = 52° = 0.907571, iyakar Q 0.0000114.

Ke nan da matsar da wurin rabo kawai, ba ƙarin sashe ko ɗaya, mafi munin faɗin tazara ya sauko daga 0.0000366 zuwa 0.0000114, ya ragu fiye da sau uku. Hujjar ba ta canza ba tunda y bai kai π/2 ba cos c na nan tsakanin 0 da 1, sannan x⁷ da y⁸ duk hawa suke yi don haka mafi girmansu a bakin tazara yake.

Duk da haka akwai gidajen da za su maƙale, ba makawa. 41° da kyar ya sha: Q = 0.6560520, layin rabo 0.65605, ratar 0.000002 kacal, gefen sama 0.6560591, duka 0.6561, ya wuce. 37.6° kuwa bai sha ba, P = 0.6101555, gefen ƙasa 0.6101451, layin 0.61015 na tsakiya. Da na ƙara sashen −x⁷/5040 sai sabuwar ragowa ta zama ƙari, ba ta wuce x⁹/362880 = 0.00000006 ba, tazara 0.6101451 zuwa 0.6101452, amsa 0.6101. Da P kaɗai anka bi da 0.6102 za a rubuta.

Na ɗan yi hasashen yawan irinsu. Layukan rabo 0.0001 ke tsakaninsu, to damar layi ya faɗa cikin tazara kusan faɗinta ne a raba da 0.0001, kusa da 38° gida ɗaya cikin tara ke nan, amma da ka yi nisa abin ya zube da sauri. Matsakaicin x⁷ daga sifili zuwa baki kashi ɗaya cikin takwas ne na ƙololuwarsa, na y⁸ ɗaya cikin tara, in ka haɗa ya kama gida wajen goma sha biyu cikin 901. Hasashe ne fa ba hujja ba, ba zai shiga babin hujjoji ba.

Jumu'a, 21 ga Fabrairu

Wata abokiyar karatunmu da ke aiki a kan jerin ln(1+x) ta yi min tambayar da ta tsaya min a rai bayan masallaci. Ta ce in sin na wani gida ya faɗa daidai kan layin rabo fa, misali ya zama 0.61015 cif, ai komi ƙanƙantar tazarar layin na ciki, za ka ta ƙara sassa har abada. Gaskiyarta. Amsar tana wajen tiyoram ɗin Niven: in kusurwa a digiri lamba ce da za a iya rubutawa a matsayin kaso na cikakkun lambobi biyu, kuma sin ɗinta ma haka, to sin ɗin ba ya wuce 0, ±1/2, ±1. Gidajena duk irin 37.6 ne, wato 376/10, layukan rabo kuma irin 61015/100000, to ba gidan da zai hau layi. 0°, 30° da 90° su ne ke ba da 0, 0.5 da 1, su kuwa a tsakiyar gurbinsu suke, nesa da layi. Ke nan kowane gida akwai inda ƙarin sassa zai tsaya.

Ita nata aikin ya fi nawa wuya wallahi. Dirabatif ɗin ln(1+x) ba a ɗaure suke da 1 ba, ragowar Lagrange tata girmanta |x|ⁿ⁺¹/((n+1)(1+c)ⁿ⁺¹) ne, in x ya yi ƙasa da −1/2 sai mafi munin c ya sa |x|/(1+c) ya wuce 1, iyakar ta kama girma maimakon raguwa alhali jerin na taruwa lafiya, sai ta koma ga siffar ragowa ta intigiral. Ni sin ya yi min gata.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Saura kuskuren da ba na Taylor ba. Duk abin da na rubuta a sama ya ɗauka x ɗin da anka saka daidai yake, alhali daga digiri ake juyo shi da π. In ɗalibi ya saka 22/7 kamar yadda anka saba a sakandare, bambancinsa da π 0.00126 ne, a 38° x zai kauce da 0.00027, sin ɗin ya kauce da wajen 0.00021, ya ninka duk iyakar da na sha wahala a kanta kusan sau ashirin. 3.142 ma bai tsira ba. Abin da ke ɗaure wannan shi ne |sin a − sin b| ≤ |a − b|, haka ma cos, don haka duk kaucewar x sai a ƙara ta a gefe biyu na tazara. Da 3.14159265 kaucewar ba ta kai 0.000000002 ba. Kuma a cire 90 − d tun ana digiri kafin a juya, ya fi tsabta.

Ga abin da na rubuta a Python:

```python
from math import pi
E = 1e-12
def tazara(d):
    if d <= 38:
        x = d*pi/180
        p = x - x**3/6 + x**5/120
        return p - x**7/5040 - E, p + E
    y = (90 - d)*pi/180
    q = 1 - y**2/2 + y**4/24 - y**6/720
    return q - E, q + y**8/40320 + E
```

Ba `sin` ko ɗaya a ciki, da gangan. `E` ɗin nan na rawundin ɗin kwamfuta ne, ita kowane lissafi guda tana iya kaucewa da wajen 10⁻¹⁶ na girman lambar, lissafin kowane gida kuwa 'yan gomomi ne kuma lambobin ba su wuce 1 da wani abu ba, to 10⁻¹² ya rufe su da rata mai yawa. Malam ya ce kada in bar shi a "rata mai yawa", in ƙirga ayyukan in rubuta shi a matsayin lema, ya kuma ce kwatanta gefen biyu a yi shi da cikakkun lambobi, a ninka da 10000 a ƙara rabi a ɗauki `floor`, kada a dogara da `round`.

Abin da ya rage kafin azumi ya kama: wagga lema, sai madaukin da zai bi gida 901 ya ware waɗanda sunka maƙale ya ƙara masu sashe ɗaiɗai har su tabbata, a ga ko hasashen goma sha biyun nan ya yi kusa. Ginshiƙin bambanci da ke gefen dama na littafin, na minti 1 zuwa 5, ban taɓa shi ba tukuna, shi kuskurensa na cike gurbi tsakanin gida biyu ne, iyakarsa h²/8 da h = 0.1° a radiyan, kusan 0.0000004, amma littafin matsakaici guda yake bayarwa ga layin digiri ɗaya gaba ɗaya don haka sai an yi masa nasa lissafin daban, Malam ya ce in lokaci bai isa ba a bar shi.